Ƙwayoyin Baba: Kundin Mako Takwas na Bitar Magunguna

Litinin, 3 ga Fabrairu

A daren Juma'ar da ta gabata Baba ya faɗi karo na uku cikin wata biyu, tsakanin gado da ƙofar banɗaki, wajen ƙarfe uku na dare. Bai karye ba, goshinsa ne ya fashe kaɗan, amma duk faɗuwar ukun ta auku ne jim kaɗan bayan ya miƙe daga kwance, kuma wannan ne ya sa na daina ɗora laifin a kan tsufa kawai. Shekarunsa 78, nauyinsa kilo 54, yana da hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa.

Yau na tattara duk wani magani da ke ɗakinsa, har da na aljihu da na ƙarƙashin matashi, na zube su a kan teburi. Magani iri 11 ne, kuma idan ya sha su yadda ya saba, ƙwaya 20 ke nan a rana. Na hawan jini biyu ne, amlodifin miligiram 10 da lisinofiril miligiram 10. Akwai furosemid miligiram 40 mai sa fitsari, da metfomin na suga, da atobastatin na kitsen jini, da omefurazol na ciki, da diyazefam miligiram 5 na barci. Sauran huɗun na ciwon jiki ne da mura: diklofenak, ibufurofen, farasitamol, da wani maganin mura da yake sha safe da dare. Ibufurofen da na muran shi ya saya da kansa, kuma babu likitan da ya san yana shan su.

Ban cire ko ɗaya ba. Na nemi ranar ganin likita, an ba ni Talata ta mako mai zuwa.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na zana jadawali mai gida biyar: sunan sinadarin da ke cikin maganin, ƙarfinsa, dalilin da aka ba da shi, lokacin da aka fara, da yadda Baba yake shansa a zahiri. Gida na farko ne ya fi ba ni aiki, domin babban rubutun da ke kan kwali sunan kamfani ne, ainihin sinadarin kuwa yana ƙasa da ƙananan haruffa. Da na karanta ƙananan haruffan maganin murar sai na tarar kowace ƙwaya tana ɗauke da farasitamol miligiram 500 tare da kulofeniramin, wanda ke sa gyangyaɗi da bushewar baki. Ke nan a kan giram 3 na farasitamol da yake sha da saninsa, akwai giram 1 da yake sha ba da saninsa ba. Giram 4 shi ne iyakar babban mutum mai ƙarfi, kuma ana sassauta wa tsoho mara nauyi ƙasa da haka. Murar ma ta warke tun tuni, ya ci gaba da sha ne saboda ya lura yana taimaka masa wajen barci.

Gida na huɗu kuwa shi ya ba ni mamaki. Da na jera magungunan bisa lokacin fara su, ta hanyar tsofaffin takardun asibiti, sai suka fito kamar sarƙa. Kimanin shekara biyu da suka wuce aka fara masa diklofenak saboda gwiwa, aka haɗa da omefurazol don kare ciki. Bayan wasu watanni awon jininsa ya hau, aka ɗaga amlodifin daga 5 zuwa 10. Ba a daɗe ba idon sawunsa ya kumbura, wani likita daban ya rubuta furosemid. Daga nan jiri ya fara. Zato ne kawai nake yi cewa kowane magani shi ya haifi larurar da aka ba da na bayansa dominta, amma zan kai jadawalin yadda yake.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Na sayi na'urar awon jini ta dantse, da sikeli, da akwatin ƙwayoyi mai gidan kwana bakwai. Waɗannan ukun ne kaɗai abin da aikin ya ci zuwa yanzu, ban da lokaci.

Awon da ake yi masa a asibiti a zaune ne, faɗuwarsa kuwa a tsaye take zuwa, don haka na fara awon kwance da tsaye. Zai kwanta minti biyar a auna, ya miƙe a auna bayan minti ɗaya, a sake bayan minti uku, ni kuma ina tsaye dab da shi. Idan lambar sama ta ragu da 20 ko fiye, ko ta ƙasa ta ragu da 10, to jini yana faɗuwa a tsaye. Na safiyar yau: a kwance 146/80, a tsaye 122/72. Ragin 24 ne, kuma ya ce ya ga duhu-duhu na ɗan lokaci.

Na kuma ɗauki lokacin tafiyarsa: ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita uku, ya juyo ya zauna. Daƙiƙa 19 ya ɗauka. Daga 12 zuwa sama ana lissafa mutum cikin masu haɗarin faɗuwa.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na kai jakar magungunan gaba ɗaya tare da jadawalin da awon kwana huɗu. Likitan ya kira masaniyar magunguna ta asibitin, suka bi su ɗaya bayan ɗaya, suna tambayar abu guda a kan kowanne: har yanzu akwai dalilin shansa, kuma amfaninsa ya fi cutarwarsa ga mutum mai waɗannan shekaru? Ta ce suna da jerin ma'auni da suke dubawa kan magungunan tsofaffi, irin su na Beers, wanda aka fara fitarwa a 1991 kuma aka sabunta a 2023, da STOPP/START da aka tsara a ƙasar Ireland, amma ma'aunin yana nuna inda za a duba ne, hukuncin yana ga likita da majiyyaci.

Abin da ya fi tayar musu da hankali ba faɗuwar ba ce, ƙoda ce. Diklofenak da ibufurofen 'yan gida ɗaya ne, don haka shan su tare ba ya ƙara sauƙin ciwo, haɗarin gyambon ciki da zubar jini kawai yake ƙarawa. Sannan haɗa irinsu da lisinofiril da furosemid yana matse ƙoda ta fuska uku: na ciwon yana rage jinin da ke shiga matatar ƙoda, lisinofiril yana sassauta matsin da ke cikinta, furosemid yana rage ruwan jiki baki ɗaya. An ɗebi jininsa, kuma da yamma sakamakon ya nuna eGFR, wato ma'aunin ƙarfin aikin ƙoda, 41 ne. Likitan ya ce a wannan mataki metfomin ba za ta wuce miligiram 1000 a rana ba, wanda shi ne abin da yake sha, kuma da lambar ta sauka ƙasa da 30 da an dakatar da ita.

Shawarar da aka yanke: diklofenak, ibufurofen da maganin mura su fita yau, domin cutarwarsu a fili take kuma ba sa buƙatar a janye su sannu a hankali. Farasitamol giram 1 sau uku a rana, ba ƙari, tare da man shafawa na diklofenak a gwiwa, wanda kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Sauran kuwa ɗaya bayan ɗaya, da tazarar mako ɗaya ko biyu, domin idan wani abu ya sauya a san wanda ya jawo shi. Game da diyazefam ya yi kashedi cewa kada a taɓa shi tukuna.

Baba bai ji daɗi ba. Ya ce wa likitan, "Likita, wannan jan shi ne yake sa ni tafiya." Likitan ya amsa, "Baba, a ba mu mako biyu, idan gwiwar ta gagara za mu sake zama." Na ga hikimar hakan, domin da an ƙwace ba tare da yardarsa ba, da ya sake saya a ɓoye.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Gwiwa tana damunsa da safe, amma yana tafiya. Barcinsa ya ɗan ragu. Bushewar bakin da ya daɗe yana kuka da ita ta yi sauƙi.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Jiya aka samu koma-baya na farko, kuma ta inda ban zata ba. Na ɗauka cewa da an rage magani jiri zai ragu, sai ga shi ya ƙaru. Tun ranar Litinin lambobin suke sauka a hankali, na gani amma na ɗauke shi a matsayin labari mai daɗi. Jiya da safe ya miƙe daga gado, ƙafafunsa suka saki, na tare shi ya zame a jikina zuwa ƙasa. Bayan ya huta na auna: a kwance 126/70, a tsaye 96/58. Leɓunansa a bushe, kuma sikeli ya nuna ya rage kusan kilo ɗaya da rabi cikin kwana tara.

Yau muka koma. Bayanin likitan ya tabbatar da sarƙar da na zana, sai dai ta baya. Magungunan ciwo irin su diklofenak suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna ɗaga jini, suna kuma dakushe aikin furosemid da lisinofiril. Shekara biyu magungunan hawan jinin suna ja da wani abu da ke ja da su. Da aka cire shi sai ƙarfinsu ya fito gaba ɗaya a kan tsoho mai kilo 54. Ya ce an sa ran jinin zai sauka, shi ya sa ya nemi a ci gaba da awo, amma ni ban tambayi lambar da zan kira shi a kanta ba, shi ma bai faɗa ba. Yanzu na rubuta ta a saman takardar: idan lambar sama a tsaye ta yi ƙasa da 100, ko ya ji jiri, in kira a ranar.

Sai maganar furosemid. Kafin a taɓa shi sai da ya tabbatar ba don gazawar zuciya aka ba shi ba, domin idan don ita ne, cire shi yana iya tara ruwa a huhu. Ya saurari ƙirjinsa, ya duba jijiyar wuya, ya tambaya ko yana haki in ya kwanta ko yana ƙara matashi da dare, ya kuma duba hoton zuciyar da aka yi masa bara, wanda bai nuna gazawa ba. Kumburin idon sawun na amlodifin ne: maganin yana buɗe ƙananan jijiyoyin jini, ruwa ya tsattsafo zuwa ƙafa, ba wai jiki ya cika da ruwa ba. Shi ya sa shekara guda na furosemid bai sauke kumburin ba, jikin kawai yake busarwa. An mayar da shi miligiram 20 na mako ɗaya, daga nan a dakatar. Zan riƙa auna nauyinsa kowace safiya bayan fitsari, kafin ya ci komai, kuma idan ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku ko numfashi ya yi wuya, mu koma nan take.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

An dakatar da furosemid yau. Nauyi 53.4. A kwance 134/76, a tsaye 118/70.

Alhamis, 6 ga Maris

Mako guda ba furosemid, nauyinsa ya tsaya a 54.1, babu haki, kumburin bai ƙaru ba bai kuma ragu ba. Ragin tsaye ya dawo tsakanin 10 da 14. Likitan ya mayar da amlodifin miligiram 5, ya ce a ba ƙafar mako biyu, kuma ba zai damu ba idan awon zaune ya ɗan hau, matuƙar lambar sama tana ƙasa da 150, domin a halin da Baba yake ciki karayar ƙugu ta fi kusa da shi.

Zan yi tafiyar kwana biyar daga gobe. Yaya ne zai zauna da shi, kuma na cika akwatin ƙwayoyin na mako.

Alhamis, 13 ga Maris

Wannan ne mako mafi muni tun da muka fara. Na dawo daren Talata na tarar da Baba bai yi barcin kirki ba kwana biyu, hannuwansa suna rawa, yana gumi, ƙaramin sauti yana firgita shi, kuma yana faɗa da kowa, abin da ba halinsa ba ne. Na fara da suga, ya nuna 6.8, babu matsala a nan. Awon jini 162/92, bugun zuciya 104. Nan da nan na yanke cewa rage amlodifin ne ya jawo, har na ɗauko tsohon kwalin na miligiram 10 da niyyar mayar masa. Abin da ya tsayar da ni shi ne rawar hannun da gumin, domin rage amlodifin ba ya kawo su.

Jiya da safe na zauna na ƙirga ƙwayoyin, sai na ga gidajen dare babu diyazefam ko ɗaya, har na ranakun da ba a kai ba. Na tambayi Yaya. Ya ce tun daren Juma'a ya tsince su, domin ya ga yadda Baba ya samu sauƙi da aka rage magunguna, ya kuma karanta cewa wannan na cikin masu kayar da tsofaffi. Na ce, "Yaya, gaskiya ne yana kayarwa, amma ba a yanke shi rana ɗaya." Ya ce ai kwana uku na farko lafiya lau ya yi. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne tarkon. Diyazefam yana daɗewa a jiki, a jikin tsoho ma ya fi, kuma abin da hanta ke mayar da shi yana ci gaba da aiki kwanaki, don haka alamun janyewa ba sa fitowa sai bayan kwanaki, lokacin da babu wanda zai haɗa su da ƙwayar da aka cire. Baba ya shekara uku yana shansa kowane dare, tun rasuwar Inna, kuma ƙwaƙwalwarsa ta saba da shi. Yanke shi haka yana iya kai wa ga ruɗewa ko farfaɗiya.

Likitan ya gan shi jiya, ya mayar da miligiram 5 ɗin, ya bar amlodifin a 5. Daren jiya ya yi barcin awa biyar, yau rawar ta ragu sosai.

Ban ga laifin Yaya sosai ba. Kashedin da likita ya yi ranar 11 ga Fabrairu a kaina kaɗai yake, ban rubuta shi a ko'ina ba, kuma na bar masa akwati ba tare da bayani ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda na kusa ɗaga amlodifin a kan laifin da ba nasa ba. Sauyi biyu sun haɗu a mako ɗaya, ɗaya na sani ɗaya ban sani ba, sai na ɗora alamun a kan wanda na sani, wato daidai yadda aka ƙulla sarƙar farko. Yau na manna takarda a murfin akwatin mai ɗauke da sunan kowane magani, dalilinsa, da layi ɗaya da jan biro a gaban diyazefam cewa ba a cire shi sai da likita.

Litinin, 17 ga Maris

Ya daidaita. A kwance 140/78, a tsaye 130/74. Takalminsa ya fara shiga ba tare da matsi ba.

Alhamis, 27 ga Maris

An maimaita gwajin jini, eGFR ya hau zuwa 52. Kumburin idon sawu ya kusa ɓacewa. Gwiwa ta yi sauƙin da farasitamol ya koma giram 1 sau biyu a rana, sai dai ranar da ya yi tafiya mai yawa.

Bayan mako biyu da daidaituwa, yau aka fara janye diyazefam yadda ya kamata. An sauya masa zuwa ƙwayoyi masu miligiram 2 domin a iya ragewa kaɗan-kaɗan: miligiram 4 daga daren yau, kuma ba za a sake ragewa ba sai bayan mako biyu zuwa huɗu, gwargwadon yadda ya ɗauka. Likitan ya ce aikin watanni ne, matakan ƙarshe sun fi wuya, kuma idan wani mataki ya yi tsanani a tsaya a kansa maimakon a koma sama. Wannan karon da Baba aka tsara, a gaban Yaya. Ya tambaya ko zai daina barci gaba ɗaya, aka gaya masa gaskiya cewa zai sha 'yan darare marasa daɗi bayan kowane ragi, ya ce ya yarda a gwada.

Litinin, 31 ga Maris

Magani iri 7 ne yanzu da man shafawa, ƙwaya 12 a rana. Bai faɗi ba tun 19 ga Fabrairu. Tafiyar mita uku ta ɗauke shi daƙiƙa 15 yau, wanda har yanzu yana sama da 12, don haka an tura mu wurin masu gashin ƙashi domin atisayen ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa, kuma za a duba idanunsa. Lisinofiril, metfomin da atobastatin suna nan, kowanne da dalilinsa, sai dai likitan ya rubuta mini cewa ranar da Baba ya kamu da amai ko gudawa har ya kasa shan ruwa, in dakatar da biyun farko in kira shi.

Omefurazol ne ya rage a jerin, tun da diklofenak ɗin da aka ba da shi dominsa ya fita, kuma Baba bai taɓa yin gyambon ciki ba. Ba za a taɓa shi yanzu ba saboda ana tsakiyar janye diyazefam, kuma shi ma idan aka daina shi ƙwannafi kan taso na 'yan makonni. An sa ranar 10 ga Afrilu domin duba matakin miligiram 4, kuma zan ci gaba da awon kwance da tsaye sau uku a mako har zuwa ranar.